An rage mini maki a kan sin x / x, ni kuma na ce hujjata ta cika

Rukayya: Salamu alaikum 'yan aji. A gwajin kalkulas an ce mu tabbatar da cewa sin x / x yana dosar 1 idan x ya doshi sifili. Na ga 0/0, na ɗauko ƙa'idar L'Hôpital, sama ya koma cos x, ƙasa ya koma 1, amsa ta fito 1. Maki biyu aka ba ni cikin goma. Ni har yanzu ina kan bakana, hujjata cikakkiya ce.

Bashir: Wallahi an ci haƙƙinki. Sama na tafiya sifili, ƙasa na tafiya sifili, duka biyun suna da diribatif. Wane sharaɗi ne ya rage? Ƙa'idar nan tun 1696 take cikin littafi, ba ke kika ƙirƙiro ta ba. Ki koma a sake duba takardarki.

Malam Haruna: Wa alaikumus salam. Bashir, sharuɗan sun cika, kuma amsar daidai ce. Amma Rukayya, ina da tambaya ɗaya: daga ina kika samo cewa diribatif ɗin sin x shi ne cos x?

Rukayya: Ai sananne ne Malam, yana cikin jadawalin da muka haddace.

Malam Haruna: To mu bi sawunsa. Ɗauki [sin(x + h) − sin x] / h, ki buɗe sin(x + h) ya zama sin x cos h + cos x sin h. Idan kika tattara za ki samu gida biyu:

sin x · (cos h − 1)/h + cos x · (sin h)/h

Dubi gida na biyu da kyau. Kafin cos x ya fito shi kaɗai, dole sai (sin h)/h ya doshi 1. Wato abin da aka ce ki tabbatar, shi ne ya haifi cos x ɗin da kika kafa hujja da shi. Kamar a tambayi mutum shaidarsa a gaban alƙali ne, ya ce ɗansa zai shaida, ɗan kuma ya ce shi a bakin babansa ya ji. Ba ma sai an je ga L'Hôpital ba: sin x / x ɗin kansa shi ne [sin(0 + x) − sin 0] / x, wato ainihin ma'anar diribatif ɗin a wajen sifili.

Ɗanjuma: Ni fa duk ba wannan ya dame ni ba. Limit ɗin ma ba 1 ba ne. Yanzu na danna sin 0.1 a kalkuleta na raba da 0.1, ta ba ni 0.01745. Na gwada 0.01, haka nan 0.01745. Ina 1 ɗin yake?

Hajara: Ɗanjuma, duba saman gilashin kalkuletarka, za ka ga D ko DEG. Mayar da ita RAD. Sin 0.1 zai ba ka 0.09983, ka raba ka samu 0.9983. Ni ma abin da ya kashe mini amsa ke nan a lissafin lilon fendulum bara, awa guda ina neman kuskure a inda babu shi.

Ɗanjuma: Haka ne, ta fito 0.9983. Amma me ya sa waccan lambar ta tsaya wuri ɗaya?

Malam Haruna: Saboda ita ma limit ce ta gaskiya. 0.01745 ɗin nan π/180 ne. Idan da digiri ake auna kusurwa, sin x / x can yake dosa, kuma diribatif ɗin sin x sai ya zama (π/180) cos x. Rukayya, kin ga haɗarin? Hanyarki babu inda ta ambaci radiyan. Da Ɗanjuma ya bi ta da kalkuletarsa a digiri, 1 za ta ba shi, kuma ƙarya ce. Hujjar da ta cika dole ta nuna inda radiyan ya shigo.

Ga inda yake shigowa. Zana da'ira mai radiyos 1, cibiyarta O. Ki sa A a bakin da'irar ta dama, ki buɗe 'yar ƙaramar kusurwa x zuwa B. Ja layi daga A zuwa B, kin samu alwatika OAB, filinta (sin x)/2. Yankin da'irar da ya rufe ta, mai kama da yankan kankana, filinsa x/2, kuma wannan x/2 ɗin a radiyan kawai yake gaskiya. Sai ki tsayar da layi a kan A, ki miƙa OB har ya same shi, kin samu babbar alwatika mai fili (tan x)/2. Ƙarama tana cikin yankan, yankan yana cikin babba, don haka sin x < x < tan x. Raba da sin x ki juya, sai ki samu

cos x < sin x / x < 1

Cos x yana hawa zuwa 1, na tsakiya ba shi da wurin gudu. A x = 0.1, cos ɗin 0.9950 ne, kuma 0.9983 na Hajara yana zaune tsakaninsa da 1. Idan x na ƙasa da sifili ne babu sabon aiki, domin sama da ƙasa tare suke canza alama.

Rukayya: Na gani Malam. Amma gida na farko fa, (cos h − 1)/h? Kun wuce shi.

Malam Haruna: Ninka sama da ƙasa da (cos h + 1). Sama zai zama −sin²h, sai ki raba shi biyu: −(sin h / h) sau sin h / (cos h + 1). Na farko yana dosar −1, na biyu 0/2, sakamako sifili. Da waɗannan limit biyu ake fitar da na cos x shi ma, ya ba da −sin x.

Aminu: Allah gafarta Malam, ina da ja. A aji uku an koya mana fara sin x daga jeri: x − x³/6 + x⁵/120, haka har abada, jerin da Madhava na Kerala ya sani tun kafin Newton. Daga nan diribatif yana fitowa gaɓa-gaɓa ba tare da wannan limit ba. A wannan tsarin Rukayya ba ta yi zagaye ba. Sannan zanenku ma ina shakkarsa. Filin yankan nan daga filin da'ira aka samo shi, filin da'ira kuma ana samun sa ne da cusa siffa mai gefe n a ciki, filinta (n/2) sin(2π/n). A ce wannan yana dosar π, ai limit ɗinmu ne ya sake kaya.

Malam Haruna: Maganarka ta farko na karɓa ɗari bisa ɗari. Sai dai wanda ya fara daga jeri, bashi ya hau kansa na nuna cewa abin da ya ƙirƙira shi ne sin ɗin alwatika, kuma ba ya ma buƙatar L'Hôpital, raba jerin da x ya ishe shi: 1 − x²/6, sauran su bi. Ta biyu kuwa ban sallama ba. Archimedes ya nuna filin da'ira rabin radiyos ne sau kewaye, ta hanyar matse ta ciki da waje, babu sin a aikinsa.

Aminu: Amma sai da ya ɗauka ba hujja cewa kewayen siffar waje ya fi na da'ira tsawo. Wannan ai x < tan x ne, Malam.

Malam Haruna: Ya ɗauka, kuma ya faɗi a fili cewa ɗauka ya yi. Ni a wurina akwai bambanci tsakanin haka da zagaye. Amma na yarda wurin yana da santsi, ba na rufe maganar ba.

Bashir: To tunda manya ma ba su daidaita ba, maki biyu ya yi kaɗan. Ni shida zan ba ta.

Rukayya: Yaya Aminu, a ajinmu da alwatika da da'ira aka koya mana sin, ba mu kai jeri ba tukuna, don haka mafakarka ba ta rufe ni ba. Malam, zan sake rubuta hujjar da zanen nan in turo ku duba mini wajen juya alamomin, a nan nake yawan ruɗewa.