"Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi": yabo ne ko gori?

Baban Hanifa: Jama'a ku raba min gardama. Iyalina Bafulatana ce daga Adamawa, a Kano muke zaune, Hausa take yi da kowa har da jaririyarmu mai wata huɗu. Amma idan yarinyar ta tashi kuka cikin dare, da Fulatanci take rarrashinta. Hajiyarmu ta zo kwana biyu, ta ji, da safe ta ce, "To, dama kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Tun ranar iyali ta ƙulla, ta ce an yi mata gorin asali. Hajiya ta ce ita ba ta nufi komai ba. Wannan maganar yabo ce ko gori?

Malam Na-Tudun Wada: Gori ne mana, kai ma ka sani. Ban taɓa jin an yi wannan karin maganar a wajen abin kirki ba. Yaro ya yi ashar a gaban manya, ko amarya ta kasa gaida surukai, nan ake jawo ta. Tarbiyyar gida ake tuhuma.

Yar Gidan Liman: A'a Malam, ka taƙaita ta da yawa. A wa'azin walima na ji malama ta kawo ta a kan yarinyar da ta sauke Alƙur'ani, uwarta ma mahaddaciya ce. Ita maganar ba ta da ɓangare, fuskar mai faɗa ce ke nuna inda ta dosa. Baban Hanifa, Hajiya da ta faɗa tana murmushi ne ko ta taɓe baki?

Baban Hanifa: Tana kurɓar koko ne, ban ga bakin ba.

Sarkin Zolaya: Hajiya ta iya taku. Ta jefa magana ta ɓoye shaida a cikin kofi.

Malam Na-Tudun Wada: Ni dai ko ma mene ne, Hajiya tana da hujjar damuwa. Harshe biyu a kunnen jariri yana jinkirta masa magana. Ɗan maƙwabcinmu uwarsa Bayarabiya ce, sai da ya kusa shekara uku bai haɗa magana ba. A bari yarinya ta kama Hausa tukuna, Fulatancin ya biyo baya.

Anti Nas: Malam, a nan kam ban bi ka ba. Aikina kenan, awon yara da rigakafi, kuma 'ya'yan gida mai harshe biyu ba su da iyaka a layinmu. Yawanci yaro yana fara kalmar farko wajen shekara ɗaya, ya fara haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, ko harshe ɗaya yake ji ko biyu. Inda mutane ke ruɗewa shi ne wajen ƙirga. Idan yaro ya san kalma goma a Hausa, goma a Fulatanci, kakarsa mai jin Hausa kaɗai goma za ta ƙirga, ta ce yaro ya makara, alhali ashirin gare shi. Kuma in ya cakuɗa su a jimla ɗaya ba ruɗewa ba ce, abin da ya ji manya na yi ne.

Yaron maƙwabcinku kuwa, abin da zan fara tambaya shi ne kunnensa. Jaririn da ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya wuce wata shida ba ya waiwayo in an yi magana a bayansa, ko ya kai wata goma babu "ba-ba-ba", babu "da-da-da", asibiti ya kamata a kai shi a duba jinsa. Sau da yawa ana ɗora wa yaren uwa laifi ana zaune a gida, alhali ciwon kunne ne mai ruwa ya daɗe yana cinsa.

Abin da zai ba ku dariya kuma, maganar Hajiya tana da gaskiya fiye da yadda ta zata. Jariri yana jin muryar uwarsa tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe. Ba kalmomi yake ji ba, hawa da saukar murya yake ji. A 2009 masu bincike, ciki har da na jami'ar Würzburg a Jamus, sun naɗi kukan jarirai 60 'yan kwanaki da haihuwa, 30 na Faransawa, 30 na Jamusawa. Na Faransawa kukansu ya fi yawan farawa ƙasa ya hau, na Jamusawa ya fara sama ya sauko, kamar yadda maganar iyayensu take tafiya. Daga baya an yi irinsa da jariran ƙabilar Nso a Kamaru.

Sarkin Zolaya: Allahu akbar, ashe Hajiya farfesa ce ba a ba ta kujera ba. Amma Anti Nas, akwai tsuntsayen da binciken bai kai gare su ba. Namu na mazaɓa ya sauya sheƙa sau uku cikin shekara huɗu, kuma kowace sheƙa ya shiga kukan gidan yake yi tsaf, kamar a can aka ƙyanƙyashe shi.

Dan Kasuwar Kwari: Wannan ai ba kukan gidansu yake ba, kukan gidan da tukunya ke kan wuta yake yi.

Sarkin Zolaya: Kuma ya fi kowace uwa iya waƙar reno. Lokacin kamfe ya zo ya jijjiga mu, "yi shiru talaka, rijiya na tafe", mu yi barci, mu farka bayan shekara huɗu ba majanyi ba zani.

Maman Twins: Don Allah ku bar siyasa. Ni nawa ya sha bamban da na matar Baban Hanifa. Bahaushiya ce ni gaba da baya, amma da Turanci nake yi wa ɗan farina maganar so. Ba iyayi ba ne. Sunan surukina ya ci, ga shi ɗan fari, ko sunansa ba na iya kira a gaban dangin babansa. In na buɗe baki a tsakar gida na ce "ina sonka ɗana" da Hausa, sai na ji nauyin duniya, kuma za a yi da ni. Amma in na ce masa bebi, na yi masa 'yan kalmomin Turanci ina sumbatarsa, ba wanda ya ɗaga kai, ana ɗauka wasan 'yan boko ne. To ni kukan wane gida nake yi?

Malam Na-Tudun Wada: Na gidan talabijin.

Jikar Inna Wuro: Maman Twins kin tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Daga wata ruga a gefen Mubi aka kawo ta Kano tana yarinya, ta zama ta uku a gidan kakanmu. Hausa ta koya a bakin kishiyoyi, har ta fi su iya habaici da ita. Amma kun san Fulani da kunyar ɗan fari, nasu ya fi namu tsanani. Babana ne ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in yana kuka a tsakar gida sai ta kau da kai har uwargida ta ɗauka. Mutanen gidan suka yanke cewa ba ta son ɗanta.

Ashe da dare, in ta ja ƙyaure, goya shi take tana zagaya ɗaki tana yi masa waƙa da Fulatanci, tana kirga masa sunayen shanun babanta ɗaya bayan ɗaya, tana ce masa "ɓingel am". Ba mai jin yaren a gidan, saboda haka a ganinta ba ta karya kunya ba. Kuma ba so kaɗai take zubawa a waƙar ba. Duk abin da kishiya ta yi mata da rana, a nan take kai ƙara wajen jariri: wadda ta ɓoye mata ludayi, wadda ta zuba mata gishiri a miya. Shekaru tana haka, sai aka kawo wata mai tallan nono ta kwana a gidan saboda ruwan sama. Da safe matar nan tana dariya ta tambayi uwargida, "Wace ce mai baƙin ludayin da aka kwana ana yi wa waƙa?" Ranar sai da kakanmu ya baro kasuwa ya zo raba faɗa.

Da aka haife mu kuwa sai ta juye gaba ɗaya. Jika ba kunya, da Hausa take mana tawai a tsakar gida da ƙarfinta, yayana "mijina mai ƙwauron cefane", ni kuma "kishiya mai ƙaton kai". Na taɓa cewa ta mayar min da waƙar shanun nan Hausa. Ta gwada layi biyu ta tsaya, ta ce ba ta hawa, kalmomin sun yi wa waƙar tsawo.

Anti Nas: Dole ta ƙi hawa. Hausa tana da karin sauti, kalma ɗaya in ka ɗaga ko ka sauke murya ma'anarta ta canza, Fulatanci kuwa ba ya aiki da wannan. In ka ɗora kalmar Hausa a kan muryar waƙar da ba don ita aka yi ba, ko waƙar ta karye ko kalmar ta fita wata iri. Shi ya sa uwa mai harshe biyu ba ta cika fassara waƙar reno ba, sai dai ta ajiye kowace a harshenta. Kuma ƙarfe biyun dare, ga gajiya, wadda aka yi mata tana goye ita ce za ta fara zuwa bakinta.

Yar Gidan Liman: To ai ga wata tambayar. Shi tsuntsun a maganar Hajiya, uwar ce ko jaririyar? In jaririyar ce, gidansu ai gidan Baban Hanifa ne, kenan Hajiya tuni take yi cewa jikarta da Hausa za ta tashi. Kuma in asali ake bi, abin da aka fara faɗa mata a kunne ranar da ta zo duniya kiran salla ne, ba Hausa ba ne ba Fulatanci ba.

Dan Kasuwar Kwari: Ni fa har yanzu ban yarda da karin maganar kanta ba. Aku fa? Na gidan alhajinmu sallama yake yi, har tari irin na maigidan.

Baban Hanifa: Jikar Inna Wuro, labarinki ya tayar min da hankali. Daren jiya na kasa kunne, kuma na tabbata na ji "Hajja" sau biyu a cikin waƙar. Akwai mai jin Fulatancin Adamawa a nan ya biyo ni ta akwatin saƙo?

Sarkin Zolaya: Kar wanda ya fassara masa sai Hajiya ta koma gida.