Shekarar rasuwar Mansa Musa ta tsayar min da aiki, ku taimaka

Ɗalibar aji shida: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba mu rubutu kan rayuwar wani shahararren mutum, ni na ɗauki Mansa Musa, sarkin daular Mali. Sati biyu ina kai, har na sake kwafe shi da hannu saboda na farkon ya jiƙe. Malaminmu ya dawo min da shi, ya zagaye shekaru tara da na ambata a ciki da jan biro, ya ce kowace shekara sai na nuna inda na samo ta. Na sa jerin littattafai uku a ƙarshe, ya ce bai wadatar ba. Ga shi wani littafin ya ce ya rasu 1332, wani ya ce 1337. Ran Litinin zan miƙa. Wallahi ko barci ban yi ba.

Yayan wasu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki sa madogara ɗaya a ƙarshen kowane sakin layi, shi ke nan. Haka muka yi muka wuce.

Tsohon malamin tarihi: Wannan yana yi ne kawai idan duk abin da ke sakin layin daga shafi ɗaya ya fito. 'Yata, jerin ƙarshe yana nuna abin da kika karanta, amma ba ya nuna wace shekara ta fito daga wane littafi, kuma abin da malaminki ke nema ke nan. Da kin rubuta cewa ya je aikin Hajji a 1324, nan take ki buɗe baka ki sa sunan marubucin, shekarar bugu da lambar shafi. Jimla ta gaba in daga wani littafin take, ita ma da nata.

Batun rasuwar kuwa, kada ki zaɓi ɗaya ki ɓoye ɗaya. Masanin tarihi Ibn Khaldun ya ce shekara 25 Musa ya yi yana mulki. Wanda ya ɗauka ya hau a 1307 sai lissafinsa ya kai shi 1332, wanda ya ɗauki 1312 sai ya faɗa 1337. Ki rubuta cewa masana sun yi saɓani, ki kawo kowace shekara da littafinta a gefenta. Ita 1324 ta fi su ƙarfi, domin marubutan Misira sun rubuta zuwansa Alƙahira a shekara ta 724 bayan Hijira.

Ɗalibar aji shida: Baba na gode, amma ni 1337 na riga na sa, littattafai biyu ne suka faɗe ta, ɗaya kaɗai ya ce 1332. Ai masu rinjaye ake bi. Kuma in na rubuta saɓani zai ga kamar ban yi bincike ba.

Tsohon malamin tarihi: Duba bayan littattafan biyun. In wuri ɗaya suka jingina, shaida ɗaya gare ki. Kuma kina da shekarar haihuwa a cikin taran nan? In 1280 kika sa, ƙiyasi ce, ki rubuta "wajajen" a gabanta.

Maman biyu: Ni abin da ke ci min rai, ɗana haka aka yi masa bara. Ya sa madogara a kowane layi, malamar ta rage masa maki wai rubutun ya cika baka-baka, ba ya karantuwa. To wanne za a bi? Kowa da dokarsa, yara ne ke shan wahala.

Mai karatun dare: Ki sa Ibn Battuta kawai, ai ya je Mali da ƙafarsa ya gani.

Tsohon malamin tarihi: Ya je, amma a 1352, zamanin Mansa Sulaiman, Musa ya riga ya rasu. Ga wani abu kuma, 'yata: kada ki jingina magana ga Ibn Khaldun kai tsaye alhali ba ki buɗe littafinsa ba. Ki ce "Ibn Khaldun, kamar yadda wane ya ruwaito", ki ba da shafin littafin da ke hannunki. In malami ya ce kawo in gani, wanda kika riƙe za ki iya nunawa.

Ɗalibar aji shida: Matsalar ita ce ban rubuta lambobin shafi ba lokacin da nake karantawa, kuma littafi ɗaya aro na yi, na mayar. Shekaru uku daga cikinsa suke. Ba zan iya sa sunan littafin kawai ba? Ai ba ƙarya na yi ba.

Yayan wasu: Sa abinki, wa zai bi ya duba?

Tsohon malamin tarihi: Wanda ya zagaye tara da jan biro zai duba. Ki koma ki karɓo aron, ko ki nemo shekarun ukun a littattafan da suka rage.

Ɗalibar aji shida: Mai littafin ta yi tafiya sai Laraba. Biyu na samu a ɗayan, ta ukun har yanzu ban gan ta ba.