Abin da muka tsayar kan tambayoyin gishirin jini

Na bi muhawarar da aka yi kan yadda ake kula da majinyaci idan gishirin jininsa ya yi ƙasa ko ya yi yawa gabaki ɗaya, ga abin da na tsinto.

1. Kan ƙarancin sodiyam, ƙasa da 135, baki ya zo ɗaya: a fara duba ruwan jikin majinyaci. Mai amai da gudawa wanda harshensa ya bushe, ruwan gishiri yake buƙata. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon zuciya kuwa rage masa ruwa ake yi.

2. Idan mai ƙarancin sodiyam ya fara farfaɗiya, a ba shi ruwan gishiri mai ƙarfi na 3%. A kan saurin gyara aka rabu: wasu sun ce kada ƙarin sodiyam ya wuce 10 a awa 24, wasu 8. Ni dai 8 zan rubuta, domin gaggawa tana lalata ƙwaƙwalwa.

3. Fotasiyam ya kai 6.5, ko ECG ya nuna T mai tsini? Kalsiyam tukuna. Zuciya yake karewa, ba ya rage fotasiyam, nan da yawa suke faɗuwa. Sannan insulin yunit 10 da gulukos, a riƙa auna sukari.

4. Idan kuwa fotasiyam ƙasa ya yi, kuma ya ƙi hawa duk da magani, a auna maganiziyam.