Na yi jawabi, an ce amin, an watse: yaya zan rufe magana a taron Asabar?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana. Ni ne sakataren ƙungiyar iyayen yara ta wata lakwal a unguwar Zariya, kuma da ƙyar na karɓi muƙamin, domin wanda ya riƙe shi kafin ni ƙanin mahaifina ne. Muna da aji ɗaya na runfar kara, kuma tun gobarar da ta halaka yara sama da 20 a wata makaranta a nan Maradi cikin Nuwamba 2021 hankalinmu bai kwanta da shi ba. Magini ya ce sefa 360,000 za su isa a yi bangon ƙasa a rufa kwano. Na yi wa iyaye bayani na kusan rabin awa, har wasu mata suka yi hawaye, amma da na zo ƙarshe sai na ce, "To, abin da ke nan ke nan, Allah ya sa mu dace." Aka shafa fatiha, aka watse, kuma cikin mako uku mutum 11 kaɗai suka kawo wani abu. Ranar Asabar akwai wani taron. Da wace magana zan rufe?

Tsohon mushe, wato malamin lakwal: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka faɗa mana adadin iyayen ba, ba ka kuma faɗi nawa ka nema a hannun kowa ba, kuma ina zargin su ma ba ka faɗa musu ba. Mutumin da ya ji 360,000 zai ɗauka magana ce ta alhazan kasuwa, ya yi addu'a ya tafi gida da zuciya ɗaya, domin babu abin da aka ɗora masa. Idan iyayen 180 ne, rabon kowa jika biyu ke nan, kuma jika biyu ita ce lambar da ya kamata ta fito daga bakinka. Rufewarka ta amsa tambaya huɗu: me za a yi, nawa ne, a hannun wa, zuwa yaushe. Ga yadda zan faɗa da ni ne: "Iyayena, abu ɗaya nake roƙo. Kowane gida ya kawo jika biyu ga ma'aji, a ofishin darakta, daga yau zuwa Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, kuma za a ba shi takardar shaida. Wanda ya amince, ga littafi a kan tebur, ya sa a rubuta sunansa kafin mu tashi." Kana gamawa ka yi shiru, ka nuna teburin da hannu. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya, domin shirun zai yi maka nauyi, kuma abin da za ka cike shi da shi neman afuwa ne wanda zai warware roƙon.

Mai tambaya: Na gode, Baba, iyayen 176 ne a rajista. Sai dai ba abu ɗaya muke bukata ba. Akwai kuɗin, akwai masu zuwa aikin gayya na buga tubali, akwai kuma maganar yaran da ba su da takardar haihuwa, wadda darakta ya ce lalle in ambata. Kuma a wurin akwai sa'o'in mahaifina. Ban ga yadda zan tsaya ina yanka musu wa'adi ba.

Wata uwa daga Bagalam: Malam, ni dai ina ganin matsalar ba a bakinka take ba. A lakwal ɗin 'ya'yana mun tara kuɗin gyaran rijiya shekara biyu da suka wuce, har yau ba mu ga rijiya ba, ba mu ga lissafi ba, kuma idan ka tambaya sai a ce kana zargin dattawa. Ko da zuma ka rufe jawabinka, wanda aka taɓa cuta ba zai sa hannu a aljihu ba.

Ɗan kasuwa: Ƙanena, kada ka wahalar da kanka da tsara kalmomi. Ka samu babban alhaji ɗaya tun kafin taro, ya miƙe a ƙarshe ya ce ya ba da jika hamsin, za ka ga sauran sun biyo baya don kunya. Haka muke yi a ƙungiyarmu, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Tsohon mushe: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. A shirya waɗanda za su fara miƙewa, wannan dole ne, domin babu mai son zama na farko a gaban tebur. Amma idan na farkon ya ajiye jika hamsin, mai jika biyu zai ji abin hannunsa ya ƙanƙance, ya mayar da shi aljihu, wasu kuma su ce ai alhaji ya ɗauke nauyin. A shirya mutum uku masu matsakaicin hali, har da mace ɗaya, su ba da daidai abin da aka nema, gudummawar alhaji kuwa a sanar da ita bayan layi ya kafu. Kai kuma ɗana, bukatunka uku ka faɗe su a tsakiyar jawabi, ka bar wa darakta maganar takardun haihuwa tun da tasa ce, ka rufe da kuɗin kaɗai. Mai jin roƙo uku zai zaɓi mafi sauƙi, ya ce zai zo gayya, ranar gayya kuma ba za ka gan shi ba. Batun dattawa kuwa, ka ce "kwamiti ya ɗora mini in roƙe ku", sai wa'adin ya zama na kwamiti, kai ɗan aike ne. Abin da ya fi kashe ka a wancan taro shi ne "Allah ya sa mu dace", domin a wurinmu addu'a ita ce sallama: da an ji ta, kowa ya fara laluben takalminsa. Ka gana da liman tun da wuri, ku yi da shi cewa sai an gama rubuta sunaye zai yi addu'a. Idan bayan la'asar ne taron, ka yanke jawabin zuwa minti goma, kada kiran magariba ya rufe maka taro. Za ka gane rufewar ta kama idan tambayoyin da suka biyo baya irin su "ana iya biya kashi biyu?" ne.

Wata malamar lakwal: Baba, a gafarce ni, ban yarda da rubuta suna a bainar jama'a ba. Akwai zawarawa da waɗanda ko abincin dare bai tabbata a gidajensu ba, kuma idan kowa ya miƙe su suka zauna, an tona musu asiri. Taro na gaba ba za su zo ba, wataƙila ma su janye yaran. Ya faɗi adadi da rana, amma kowa ya kai nasa a ɓoye.

Tsohon mushe: 'Yata, a ɓoyen ne aka samu mutum 11. A buɗe shafi na biyu a littafin, wanda ba shi da kuɗi ya rubuta kwana ɗaya na aiki, kowa ya miƙe, babu wanda zai san shafin da wani ya shiga.

Mai tambaya: Ai Baba, hakan ya dawo da roƙo biyu ke nan, kuma ni ma abin da nake nufi ke nan tun farko. Game da rabin awar, ban ga abin da zan cire ba, domin labarin gobarar ne ya taɓa zukatan mutane. Liman kuwa surukin shugabanmu ne, kuma shi ya saba zaɓar lokacin da zai ɗaga hannu. Ban san ta inda zan fara gaya masa ya dakata ba.

Wata uwa daga Bagalam: Har yanzu dai ba wanda ya faɗa mana ko wane ne ma'ajin, da kuma inda za a ajiye kuɗin.