Ruwa na zuba a ɗakina, na rubuta wa mai gida imel amma 'yar'uwata ta ce zagi ne

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ina haya a Kubwa, ɗaki biyu da falo. Mai gidan Alhaji ne, abokin kasuwancin marigayi mahaifina ne tun suna Kantin Kwari, shi ya sa ma aka ba ni gidan ba tare da na bi ta hannun dillali ba, har ya halarci ɗaurin aurena. Yanzu ya koma Legas, ba ya ɗaga waya sosai, ɗansa ya ce komai a riƙa turawa ta imel. Tunda damina ta faɗi ruwa ke zuba a ɗakin yara, silin ya kumbura ya yi baƙi, kuma daf da ƙwan lantarki yake ɗiga. Na faɗa wa mai kula da gidan har na gaji. Ga abin da na rubuta daren jiya, ban tura ba tukuna:

"Alhaji, gaskiya abin da ake mana a gidan nan zalunci ne. Kuɗin haya ba ka taɓa barin ya wuce da kwana ɗaya ba, amma gyara ko a jikinka. Mai kula da gidanka maƙaryaci ne. Ga famfo ma ya lalace. Idan ba a gyara ba cikin gaggawa zan ɗauki mataki, kuma duk abin da ya sami 'ya'yana kai ne."

Yayata ta ce in na tura wannan na kori kaina da kaina. Ni kuma ba na son in rubuta abin da zai yi kama da roƙo. Yaya zan yi?

Abu Fahad: Kar ki wahalar da kanki. Ki gyara da kuɗinki, in lokacin biyan haya ya zo ki cire. Haka kowa ke yi.

Baban Sadiq: Abu Fahad, da sharaɗi. In ba ta da amincewarsa a rubuce, ranar da ta biya kuɗin da bai cika ba sunanta mai bashin haya, kuma wannan ita ce hujjar da ya fi so ya samu a kanta.

Maman Ilham, na daɗe ina kula da gidajen haya, irin wannan saƙon na karanta da yawa. Zafinsa ba shi ne babbar matsalarsa ba. Matsalar ita ce Alhaji zai karanta har ƙarshe bai san wane ɗaki ba ne, tun yaushe, me kike so a yi, kuma zuwa wace rana. "Cikin gaggawa" a wurin mai gida yana iya zama bayan Sallah. "Zan ɗauki mataki" kuma, wane mataki? In ba ki da shi a hannu, kar ki ambata, don in ranar ta wuce ba ki yi komai ba, saƙonki na gaba ya rasa nauyi.

Ki cire zalunci, ki cire maƙaryaci. Waɗannan hukunci ne a kan halin mutum, kuma da zarar ya gan su sai ya bar maganar rufi ya koma kare mutuncinsa. Abin da ya faru kawai za ki faɗa: na sanar da wane ranar kaza, ya ce zai turo kafinta, ba a zo ba. Alhaji da kansa zai gane wanda bai yi aikinsa ba. Famfo kuma ki bar shi zuwa wani saƙon. In kika haɗa biyu, zai gyara mai arha ya ce ai an yi gyara. Ni ga yadda zan rubuta:

"Take: Yoyon rufi a gida mai lamba kaza, Kubwa, ana buƙatar gyara

Assalamu alaikum Alhaji. Da fatan kana lafiya tare da iyali. Ina sanar da kai cewa rufin ɗakin yara yana yoyo tun farkon watan Yuni. Silin ya jiƙe ya fara lanƙwasa, kuma ruwan yana ɗiga kusa da wayar lantarki, don haka na kashe wutar ɗakin na fitar da yara. Na sanar da mai kula da gida ranar 10 ga Yuni da ranar 2 ga Yuli, har yanzu ba a zo an duba ba. Na haɗa hotuna da wannan saƙon.

Ina buƙatar a turo mai gyara ya duba kafin ranar 20 ga Yuli. Idan hakan zai yi wuya, zan iya nemo kafinta ya yi ƙiyasi in turo maka, in ka amince a rubuce sai in biya a cire daga kuɗin haya mai zuwa. Don Allah a sanar da ni wanda ka zaɓa a cikin biyun. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ranakun na ƙirƙira ne, ki sa naki na gaskiya. Ki lura babu ban haƙuri a ciki, babu "in ba damuwa". Gaisuwa a sama, addu'a a ƙasa, tsakiya kuma ba sassauci.

Maman Ilham: Na gode Baban Sadiq, amma wannan ya yi sanyi da yawa. Kamar ba abin da ya faru. Katifar yarana ta lalace fa. Kuma mutumin nan ƙarya yake min, me ya sa ba zan faɗa ba?

Baban Sadiq: Katifa ki ƙara ta, layi ɗaya, da hotonta. Ƙarya kuma kina da shaidar ya isar wa Alhaji ko bai isar ba? In kika ce maƙaryaci, aka kira shi ya nuna saƙon da ya tura wa ɗan Alhaji, ke ce za ki koma ba da haƙuri. Tambaya ta biyu: me yarjejeniyar hayarki ta ce a kan gyara, kuma yaushe kuɗinki zai ƙare?

Ummu Aisha: Innalillahi, 'yar'uwa kar ki yarda su fitar da ke. A Abuja mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata 6, bayan ta cika a ƙara ta kwana 7, sannan kotu. Ni nawa mai gidan a Nyanya sati biyu ya ba ni, ya cire min ƙofar banɗaki, har yau kuɗin ajiyata na hannunsa.

Baban Sadiq: Ummu Aisha, Allah ya bi miki haƙƙinki, amma ba wanda ya ce zai fitar da ita. Kuma wata 6 ɗin nan in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba ne, shi ya sa nake tambayar takardar.

Hajiya Babba: Ni dai 'yata, ban yarda da sa wa dattijo rana ba. Abokin mahaifinki ne, uba ne a wurinki. Ki ce masa "kafin ranar 20" kamar yaron shagonki? Ki sa mijinki ko kawunki ya kira shi a gaisa, a faɗa masa da baki. Sannan ki ce Baba, ba Alhaji ba.

Baban Sadiq: Hajiya, a kira shi, ban ƙi ba, kuma Baba ɗin ya fi. Amma bayan wayar a tura imel a ce "kamar yadda aka yi magana ɗazu". Ranar kuma ana iya tausasa ta: "zan so a duba kafin ranar 20 saboda ruwan Agusta na tafe". Kin ga ba umarni ba ne, dalili ne, kuma ranar tana nan.

Abu Fahad: Duk wannan lallashi ne. Ɗan ne ma zai karanta, ba Alhajin ba.

Maman Ilham: To ai shi ne, kuma ɗan da mai kula da gidan abokai ne. Maganar yarjejeniya, ba mu rubuta komai ba, rasit kawai ake ba ni, saboda sanayya. Kawuna kuma ba sa ga maciji da Alhaji tun rabon gadon shago, dogon labari ne. Zan cire zalunci da famfo, na sa Baba. Amma layin "duk abin da ya sami 'ya'yana" ina ganin zan bar shi, don gaskiya ne.

Baban Sadiq: Layin nan shi ya fi kowanne kama da barazana. Kin riga kin ce ruwa na kusa da lantarki kin fitar da yara, ya isa. Har yanzu kuma ba ki faɗi watan da kuɗinki zai ƙare ba, in saura wata biyu ne lissafin dabam ne.

Ummu Aisha: Wai akwai wanda ya san lauyan da ba ya cajin kuɗi da yawa a wajen Nyanya?