Masu sayen waya sakan-han a Jiji da Facebook, ku zo mu ji yadda kuka ƙare

Abban Khairat:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta ga wata Samsung an ɗora ana neman dubu 140, irinta a kasuwar waya ta Farm Centre ba ka samunta ƙasa da 190, mai ita ya ce matsuwa ce ta sa zai sayar kuma yana nan cikin Kano. Kafin in raka ta ina so waɗanda suka taɓa saye ko sayarwa ta irin wannan hanyar su gaya mana abin da suka gani da idonsu, ban da ji-ta-ji-ta don Allah.

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Ni tawa lafiya lau muka rabu da mutumin, har shayi ya saya min. Tecno ce fes da kwalinta da cajarta, na yi kira na ɗauki hoto na sa caji komai daidai. Wata bai ƙare ba sai na tashi da safe na ga sikirin ya rufe, rubutu ɗaya ne kawai wai a biya kuɗin wata kafin a buɗe. Ashe wayar bashi ce, irin wadda kamfani ke ba ka ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, shi ya ba da kafin alƙalami ya biya wata guda ya sayar min ya kashe layinsa. Da na lissafa abin da ya rage a kanta da abin da na ba shi sai na ga ya fi kuɗin sabuwa. Tana nan a durowa.

Sani Mai Gyara:
Allah ya mayar da alheri Ɗan Gwammaja. Irin taka kusan kullum sai an kawo mana shago, kuma abu ɗaya ne ke kama mutane, suna gwada wayar a yadda mai ita ya miƙo ta. Gwajin gaskiya shi ne a yi mata fomatin a gabanka, mai ita na zaune, sannan a haɗa ta da intanet tun a shafin farko na saiti, ko da hospot ɗin wayarka ne. Kullen bashi ba ya gogewa da fomatin, da ta ji data sai ta jawo manhajar kamfanin ta dawo da ita, za ka ga sunan kamfani ko rubutun da ke cewa wata ƙungiya ce ke kula da wayar. Kafin fomatin ɗin ma ka shiga Settings ka rubuta Device admin apps a wurin nema, in ka ga wata manhaja da ba ka sani ba kuma ta ƙi kashuwa, maɓallin ya yi toka-toka, to ka tambaye shi mece ce wannan ka kalli fuskarsa.

Sannan shi da hannunsa zai cire akawun ɗinsa na Google da na Samsung kafin a goge. In ya ce ya manta fasawod, ko na matarsa ne tana ƙauye, tashi ka kama gabanka, don in aka goge ta da maɓallan gefe ba a cire akawun ba, za ta tsaya tana neman imel ɗin mai ita na asali. Duka wannan bai wuce minti 20 ba, mai gaskiya zai zauna, wanda ya fara duba agogo yana cewa akwai wani mai saye na jiransa ka riga ka samu amsarka.

Engr. Bash:
Ni fa duk ban ga amfanin wannan dogon turancin ba. Danna `*#06#` lambar IMEI ta fito, lamba 15 ce, ka haɗa da ta jikin kwali, in sun yi daidai waya ba ta sata ba ce shikenan. Haka nake yi kuma ban taɓa samun matsala ba.

Sani Mai Gyara:
Injiniya a duba ɗin yana da kyau, in ba su yi daidai ba ka san akwai lauje cikin naɗi. Amma daidaituwarsu ba ta wanke waya ba, sitikar kwali bugawa ake yi, kuma ta Ɗan Gwammaja ai da kwalinta na asali ta zo. IMEI ba ta gaya maka akwai bashi a kai.

Engr. Bash:
To na ji ta bashi, amma a kan sata ina nan a kan bakana, ɓarawo ba ya fizgo waya da kwalinta.

Ummu Sultan:
Ni ta ɓangaren sayarwa zan yi magana, atamfa da leshi nake ɗorawa. Wani ya zaɓi turmi 6 ya ce na lefe ne, ya turo hoton rasit ɗin tiransifa, can kuma sai ga alat ya shigo ta tes da sunan bankina da kuɗin cif-cif, ga mai adaidaita ya turo yana ƙofar gida yana ta hon shi kuma yana ta kira wai Hajiya a yi sauri motar Gusau za ta tashi. Allah ya taimake ni na buɗe manhajar bankin na ga balas ɗina ko kwabo bai ƙaru ba. Na gaya masa, ya ce netwok ne zai shigo anjima, na ce to kayan ma anjima za su fito. Har yau bai sake kira ba. Tes kowa na iya tura maka shi da sunan banki a sama, rasit kuma gyara shi ake yi a waya, ni yanzu in ban ga kuɗi a cikin manhaja ba ko ɗankwali ba ya fita. Mai adaidaitan bawan Allah bai san komai ba, shi ma ko kuɗin mansa ba a ba shi ba.

Yusee 09:
Slm don Allah wa ke da iPhone 11 mai araha, ina Kaduna kuɗi a hannu

Abban Khairat:
Yusee ba talla ake yi a nan ba ƙanena, karanta daga sama, kai ma zai maka amfani.

Maman Twins Kubwa:
Tunda an ambaci iPhone. Maigidana ya saya min a hannun wata da muka gani a Facebook, sai ya ce mata mu haɗu a kasuwar Banex ta Abuja wurin wani mai gyara da ya sani, ta yarda ba musu. A gabanmu ta yi Sign Out daga iCloud da fasawod ɗinta, aka yi Erase All Content and Settings, aka sa layina ta tashi ba ta nemi akawun ɗin kowa ba. Mai gyaran ya ce da ta nuna iPhone Locked to Owner da ko kyauta kar mu karɓa. Ya duba About ya nuna mana Carrier Lock an rubuta No SIM restrictions, lafiyar batir kuma kashi 81 ce sai muka rage mata dubu 15 na canji, ta ɗan yi ƙorafi ta karɓa. Mun rubuta 'yar takarda da IMEI da kuɗin da kwanan wata ta sa hannu, muka ɗauki hoton katin shaidarta, ita ma ta ɗauki na maigidan. Ya ce saboda ranar da 'yan sanda za su bi sawun waya, wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa.

Ɗan Gwammaja:
Malam Sani tambaya, tawa in aka yi mata filashin za ta buɗe? wani ya ce min dubu 10 zai cire.

Sani Mai Gyara:
Ni ba na yi. Wasu na cirewa ta yi aiki, ranar da ta yi ofdet ko aka sake fomatin kulle ya dawo, kuma kayan kamfani ne har a gama biya. Abin da ke damuna ma shi ne irin waɗannan da aka yi wa filashin su ake mayarwa kasuwa, kuma ba kowacce ke tona kanta nan take ba, na ga wadda ta wuce gwajin fomatin lafiya daga baya ta rufe. Shi ya sa in waya ba ta shekara da fitowa ba kuma an karya mata kuɗi sosai nake cewa a nemi rasit ɗin shagon da aka saye ta, a kira shagon a ji ko kuɗi hannu aka biya.

Abban Khairat:
Na gode ƙwarai 'yan uwa. Na kira shi yanzu na ce mu haɗu gobe a Farm Centre a yi fomatin a gaban mai gyara, ya ce ba matsala amma in fara tura dubu 20 ya riƙe mana ita don masu so sun yi yawa. Na ce sai mun gani tukuna. Ya ce zai kira ni bayan magariba.

Ummu Sultan:
Ko sisi kar ka tura Yaya.