Abin da aka tattauna kan murfin roba da ya lotsa

Wani matashi a Kumasi ya zana murfin akwatin lantarki da za a zuba da robar ABS. Da samfurin ya fito, sai ga lotsawa a bayansa, daidai inda kowane haƙarƙari, wato siririn tudun da ake yi don ƙara wa murfin ƙarfi, yake daga ciki. Ya kai wa masu sana'ar, ga abin da suka ce.

Wani dattijo ya tambaye shi kauri. Bango milimita 2.5, haƙarƙari ma 2.5. Ya ce, "Yaro, nan matsalar take." Inda biyun suka haɗu roba ta taru, tana daɗewa ba ta huce ba, tana tsukewa kuma sai ta janyo fatar waje ciki. Shawararsa: gindin haƙarƙari kada ya wuce kashi 60 cikin ɗari na bangon, wato milimita 1.5, tsayinsa kuma ya tsaya wajen ninki uku na bangon. In ana son ƙarin ƙarfi, a ƙara yawansu, ba kaurinsu ba. Ni a ganina wannan ce maganar da ta fi nauyi.

An kuma ce ya ƙwaƙule kusurwoyin da suka yi tudu, kauri ya zama ɗaya ko'ina.

Kan karkata bango kuwa, wato a ɗan jirkita shi don kayan ya fita daga mazubin cikin sauƙi, ba a yi musu ba: digiri 1 zuwa 2 a kowane gefe, a ƙara in fuskar mai ƙurji-ƙurji ce. Alamar rashinsa ita ce ƙarzuwa a gefe da farin tabo inda fil ɗin da ke fitar da kaya daga mazubi ya tura kayan. Sai dai haƙarƙari digiri 0.5 ya ishe shi, don kada bakinsa ya sirance roba ta kasa cika shi.